"An Samu Tsaiko": Tsakanin Muryar Marubuci da Muryar Ƙungiya

Duk wanda aka taɓa ba sakatancin ƙungiya ya san akwai wata Hausa da ake sakawa kamar babbar riga. Da zarar ka ɗauki biro don rubuta rahoton taro, sai ka ji hannunka yana tafiya da kansa: bisa la'akari da, ɗaukacin mahalarta, a nasa jawabin, domin ciyar da adabi gaba. Ba haka kake magana da mahaifiyarka ba, ba kuma haka kake rubuta labarinka ba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce: in marubuci ya sa wannan riga, ƙarya yake yi, ko amana yake riƙewa?

Abin ya same ni ne a Kusugu. Shekaru kaɗan da suka wuce reshenmu ya shirya ziyara zuwa wannan tsohuwar rijiya ta Daura, mu 18, aka ɗora mini neman mota da rubuta rahoto. Na faɗa ma direba Lahadi, alhali Asabar muka tsayar. Muka yi zaman jira tun hantsi har azahar kafin a samo wata motar, dattawa biyu suka gaji suka koma gida. Da dare na zauna rubutu, ga abin da ya fito: "An samu ɗan tsaiko wajen tashi sakamakon matsalar sufuri." Jimla ce lafiyayya, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ina kallonta tana kallona.

Laifin ba na ƙungiya ba ne, wata dama ce da harshenmu ya ba mu. Hausa tana da "na yi", tana da "mun yi", tana kuma da "an yi", wanda ke faɗin aiki ya ɓoye mai aikin. Asalinsa ladabi ne. Da shi ake cewa an yi rasuwa, an samu ƙaruwa, da shi yaro ke gaida babba ya ce an tashi lafiya. Amma rigar da ke rufe tsiraici ita ce ke ɓoye wuƙa.

Abin mamaki, labarin da mai kula da rijiyar ya ba mu ran nan a kan wannan gaɓar yake juyawa. Kowa ya san shi: macijiyar da ake kira Sarki ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je da dare ya sare ta ya ɗauke kan. Gari ya waye, labari ya bazu cewa an kashe macijiya. Muddin maganar tana kan "an kashe", kowa na iya murna. Da Daurama ta yi alkawarin lada, sai masu cewa "ni ne" suka yi yawa, ita kuwa abu ɗaya ta nema, a kawo kan. Ko tarihi ne ko almara, ba shi ne gabana ba a nan. Abin da na ɗauka shi ne, "ni" kalma ce mai tsada, wanda ya furta ta dole ya zo da shaida a hannu.

Saboda haka ban yarda da matasanmu masu zaton muryar marubuci ado ba ce, wato ka tara karin magana, ka ƙirƙiro wata gaisuwa da za ka riƙa buɗe kowane rubutu da ita. Wannan tambari ne, kowa na iya sata. Murya tana fitowa daga abin da idonka ya saba tsayawa a kai, da abin da ka yarda a tuhume ka a kansa. Mu 16 muka leƙa rijiya ɗaya. Wani zurfinta ya gani, wata ginin da aka kewaye ta da shi, ni kuwa hannun mai jan gugan na tsaya kallo. Da na koma tsofaffin rubuce-rubucena, sai na tarar kullum hannayen mutane nake bi. Ban zaɓa ba, ganowa na yi. Mai neman muryarsa ya tara rubutunsa biyar ko shida, ya karanta da ƙarfi, ya soke duk jimlar da zai ji kunyar faɗa wa abokinsa baki da baki. Abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, shi ne jarinsa.

To, sai a ce a yar da muryar ƙungiya? A'a. Rahoton da ke ɗauke da sunan mutum 18 ba filin wasana ba ne. In na rubuta a ciki cewa jawabin shugaba ya yi tsawo, na ari bakin mutane na ci musu albasa. Ko karin harshe ma haka ne. A nan muna cewa "na faɗa ma Audu", Daidaitacciyar Hausa ta ce "na faɗa wa Audu". A labarina ina barin "ma" ɗina in na ga dama, a takardar ƙungiya kuwa ina bin ƙa'ida, don na Zariya da na Sakkwato duk tasu ce. Sanƙira in yana isar da maganar sarki ba ya ƙara ra'ayinsa, kuma ba wanda ya ce masa munafuki.

Alhaji Abubakar Imam ya rayu da wannan matsala fiye da kowanenmu. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, sunansa ya ba jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bar shi yana ba da labari da bakinsa, da barkwanci da cika baki. A Janairun 1939 kuma ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, tare da Rupert East, jaridar da hukumar mulkin mallaka ta kafa, a shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Kujerar ba tasa ba ce. Amma da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, abin da ya gani da idonsa bai narkar da shi cikin "an ziyarci" ba, ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, da "na" ɗinsa. A ganina darasin ba wai ya raba kansa biyu ba ne. Hausarsa mai sauƙi ita ce a ko'ina. Abin da ke sauyawa shi ne wanda zai amsa tambaya in an zo bincike.

Nan ne ma'aunin da nake amfani da shi yanzu. Kowace jimla in na rubuta, sai in tambaya: in aka ce a kawo kan macijiya, wa zai tashi? In shawara ce da aka yanke a zaure, "mun" ko "an" daidai ne, ko da ni ban so ta ba, domin na zauna an yanke. In ra'ayina ne, ba shi da wuri a takarda mai hatimi, sai in kai shi shafin da sunana ke ƙasa. Wuri na uku shi ne mai haɗari, inda aikin nawa ne ni kaɗai amma na lulluɓe shi da "an", na raba wa mutum 17 laifin da ba su ci ba su sha ba. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa: jimlar tana zuwa da sauƙi fiye da kima, kuma kana jin sanyi a rai bayan ka rubuta ta.

Akwai mai cewa rahoto ba wurin tuba ba ne, kuma yana da gaskiyarsa, don takardar ƙungiya ba ta son kuka da dogon ban-haƙuri. Ban sa "ni" a ciki ba. Na soke jimlar na rubuta: "Tashi ya yi jinkirin awa huɗu saboda sakatare ya ba direba ranar da ba ita ba." Da na karanta a taro na gaba, aka yi dariya, ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya ce, "Malam sakatare, a bar ta haka." Ma'aji kuma ya nemi a ƙara layi ɗaya, cewa kuɗin motar farko ba daga asusu za su fita ba.