Ranar Da Dangin Manemi Za Su Zo Gaisuwa: Kada Baki Ya Riga Bincike

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, nasiharmu ta wannan Juma'a ta shafi uban da aka aiko wa cewa dangin mai neman 'yarsa za su zo gaisuwa. A gida Arewa wannan zama bai cika wahala ba, domin kafin su iso an san kakan yaron, an san gonarsu, an san halin gidansu. Mu da ke zaune a nan Legas ba mu da wannan gatan. Yaro zai zo daga garin da ba ka taɓa takawa ba, ka san shi a kasuwa kawai, da sallama da ciniki. Saboda haka zaman farko a wurinmu zaman sanin juna ne. Ba ranar bayarwa ba ce.

Inda ake yin kuskure shi ne kunya. Dattawa sun shigo da goro da alawa, an yi addu'a, an yaba wa gidanka, sai ka ji nauyi ka ce "ai mun ba ku." Wannan kalma tana da hukunci. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi neman aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa hanin yana farawa ne idan an karkata ga mai neman an amince masa. To ka ga da kalma ɗaya ka rufe wa 'yarka ƙofar sauran manema, alhali ba ka bincika ba. In daga baya wani abu ya ɓullo, ko dai ka karya magana ka ji kunya a kasuwa, ko ka cije ka tura yarinya inda kake shakka. Kuma yawanci, Allah ya kyauta, na biyun ake zaɓa.

Shiri yana farawa ne daga cikin gida. Kafin ka sa musu ranar zuwa, a tambayi yarinya. Hadisi ya inganta cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta izini ne. Amma shiru iri-iri ne. Akwai na kunya da murmushi, akwai na hawaye da ƙin cin abinci, kuma uba ba shi ne zai iya bambance su ba, don a gabansa duk sunkuyar da kai za ta yi. A bar wa mahaifiyarta ko gwaggonta, su keɓe da ita. Mu tuna Khansa'u 'yar Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren.

Sai batun wanda zai yi magana. A al'adarmu uba ba ya cika yin baki a kan auren 'yarsa, baffanta ke yi. In baffan yana gida, a kira shi a waya tun kafin ranar, a sanar da shi, a ji ta bakinsa. Kada ya ji labari a bakin direban mota, wannan kan ɓata zumunci shekara da shekaru. Sannan a samu dattijo ɗaya a nan, ko liman ko maigidan da ka zauna a hannunsa, ya zama bakin gida. Mutum ɗaya. In uku suna magana, ɗaya zai yi alkawarin da sauran ba su sani ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa a Mile 12, 'yarsa ta kai aure, wani saurayi direban babbar mota yana nema. Ranar Lahadi bayan La'asar mutum huɗu suka zo. An shimfiɗa musu tabarma, an kawo ruwa, an gaisa, an tambayi hanya da iyali da kasuwa. Ba a gaggauta su. Su ne za su buɗe magana, su ce ɗansu ya ga 'yar gidan nan yana so. Sai dattijon gida ya ce: "Madalla, mun gode da wannan karamci. Alhaji, kai ne mahaifin yaron ko baffansa?"

Wannan tambaya kada a tsallake ta. A nan bariki sau da yawa wanda aka gabatar a matsayin baffa abokin aiki ne a tasha, ko maigidan mota. Ba laifi ba ne, mu ma baƙi ne, amma a sani. In ya ce maigidansa ne, sai a ce: "To Alhaji, iyayensa suna wane gari, wace unguwa? Sun san da wannan magana? Za mu so mu gaisa da su ko ta waya ne." Sannan a tambaya a fili, cikin ladabi, ko yana da mata a gida, da 'ya'ya nawa, da kuma inda yarinyar za ta zauna: nan Legas ne a ɗakin haya, ko za a kai ta gidansu ta zauna da uwar miji shi yana kan hanya? Wannan ta ƙarshen ita ce ke kawo rigima bayan biki, kuma ita ce aka fi jin nauyin yi. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In ka ga ana kallon juna, ko ɗaya ya ce Sakkwato ɗaya ya ce Birnin Kebbi, ko ana matsa maka a sa rana yau yau, to ka riƙe wannan a ranka, ba sai ka nuna a fuska ba.

Amsar da za a sallame su da ita: "Mun ji, mun kuma yi murna da zuwanku. Yarinya tana da iyaye a gida, za mu shawarce su. Ku ba mu mako uku, za mu aiko." A faɗi wa'adi, kuma a cika shi. Batun sadaki da lefe a bar shi sai zama na gaba. In sun ajiye kuɗin gaisuwa, a tambaya a gaban kowa na mene ne, a ƙirga, a adana kada a taɓa, domin in magana ba ta yiwu ba a mayar da shi yadda ya zo. Haka ku ma, in akwai abin da ya kamata su sani game da yarinyar, kamar ta taɓa aure ko tana da wata lalura mai daɗewa, kada a ɓoye.

A cikin makonnin nan uku ake aikin. A tambayi limamin masallacin da yaron ke salla, da shugabannin tasharsu, a kuma sa wani amintacce ya je unguwarsu a gida. Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya, ba giba ba ce. Da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan Mu'awiya da Abu Jahmi, ya gaya mata cewa na farkon ba shi da dukiya, na biyun kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. A wannan tsakanin ne kuma ya dace su je gwajin jini. In dukansu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Gara a sani kafin a raba goron sa rana.

In dangin manemin Yarabawa Musulmi ne, kamar yadda ake samu a tsakaninmu yanzu, a aika tun da wuri a tambayi mutum nawa za su zo, domin su zaman gabatarwa babban abu ne a wurinsu, kuma sukan taho da mata. A tanadi wurin zaman mata da wanda zai yi tafinta. Saurayinsu yakan kwanta ƙasa ya gai da surukai. A sanar da su ta bakin ɗan aike cewa sallama da musafaha sun wadatar a gidanku, kada a bari sai ya kwanta sannan a tsawata masa a gaban iyayensa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.