Hakki Ne, Amma Ba a Karɓarsa Kamar Bashi

Akwai tambayar da masu saurare ba sa yi min ita a iska. Sai an rufe shiri sannan saƙo ya shigo waya, babu suna. Namiji ya ce matarsa ta daina kula shi da dare, mace ta ce mijinta ya juya mata baya. A nan Garwa kunyar Bahaushe ta haɗu da semtende na Fulani, shi ya sa ma'aurata kan yi shekaru da wannan damuwa ba wanda ya furta. Tambayar da ke ƙarƙashin saƙonnin guda ce: idan ɗaya yana so, ɗaya ba ya so, wa ke da laifi?

Ni dai ra'ayina, yawanci babu mai laifi a farkon lamarin. Laifin yana shigowa ne ta fassarar da kowa ya yi wa shirun ɗan'uwansa.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne a unguwar Yelwa, yana haya da babur. Matarsa ta haihu wata biyar da suka wuce, an yi wankan jego, an yi arba'in, ta dawo ɗakinta. Shi a lissafinsa komai ya koma daidai. Ya neme ta ta ce ta gaji. Da aka yi haka sau uku sai ya daina nema, ya fara daɗewa a majalisa, yana raya cewa tunda ta samu ɗa ta gama da shi. Ita kuma ta ga ya ɗaure fuska, ta ce a ranta aure yake nema.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. Mace mai shayarwa jikinta yana yawaita wani sinadari da likitoci ke kira furolaktin, wanda ke kawo ruwan nono. Shi wannan sinadari yana danne wani mai suna istirojin, kuma idan istirojin ya yi ƙasa sai gaban mace ya bushe, sha'awa ta ragu, saduwa ta zo da zafi. Idan an yi mata ɗinki wajen haihuwa, wurin yakan daɗe yana damunta. A ƙara da tashin dare sau uku ko huɗu don ba jariri mama, da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Wanda duk ya ji ciwo a wani abu sau biyu, jikinsa zai riƙa guje masa tun kafin zuciyarsa ta yi shawara. A da, kakanninmu kan nisanci shimfiɗa har a yaye yaro, wajen shekara biyu. Yau mun bar waccan al'ada, amma jikin mai jego bai canza ba.

Abu na biyu da magidancin bai sani ba shi ne sha'awa ba hanya ɗaya take zuwa ba. A shekarar 2000 wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a aure, ba sa fara jin sha'awa haka kawai. Sai an samu natsuwa, an yi hira da wasa, sannan ta taso. Wani tasa kamar yunwa take, tana zuwa da kanta. Wani kuwa sai ya ji ƙanshin girki. Mijin da ke jiran ya ga matarsa ta neme shi kafin ya yarda tana sonsa, yana auna ta da mudun da ba nata ba.

Kada a ɗauka kullum mace ce mai ƙarancin buƙata. Maza ma suna ja da baya, sai dai su ɓoyewarsu ta fi tsanani. Ciwon suga da hawan jini suna raunana mazakuta, wasu magungunan hawan jinin ma haka. Tiramol da wasu matasa ke sha don jure aiki yana kashe sha'awa idan aka daɗe a kansa. Bashi da tunanin cefane su ma suna yi. Akwai alama mai sauƙi: idan namiji yana samun motsi da asuba amma abin ya gagara a shimfiɗa, galibi damuwa ce ko fargaba. Idan motsin ya ɗauke gaba ɗaya na tsawon watanni, to a je a auna suga da jini, a Asibitin Lardi na Garwa ko asibitin unguwa.

To, ina maganar hakki? Gaskiya ne, addini ya ba kowane ɗaya hakkin shimfiɗa a kan ɗan'uwansa. Har ma Suratul Baƙara ta yanka wa mijin da ya rantse zai ƙaurace wa matarsa wa'adin wata huɗu, wanda ke nuna buƙatar mace ba abin wasa ba ce. Amma addinin nan shi ya hana cutarwa, ya yi umarni da kyakkyawan zama. Mijin da ya karɓi hakkinsa matarsa tana cije leɓe don zafi, ya ci yau, ya kashe gobe, domin jikinta zai koyi tsoronsa. Ita ma wadda ta yi shiru wata da watanni ba bayani, ta bar mutum yana zargin kansa. Mai so ba jarababbe ba ne, marar so ba mai rowa ba ne. Abin da kowa ke bin ɗan'uwansa kafin komai shi ne gaskiya.

Yaya za a faɗe ta? Ba a kan gado ba, ba kuma daren da aka ƙi juna ba, domin a lokacin kowa rauninsa ɗanye ne. A nemi yammacin da yaro ya yi barci. Mijin kada ya ce, "Kin canza." Ya ce, "Maman Sadiku, ina kewarki, kuma na ga kamar akwai abin da ke damunki. Ciwo kike ji ko gajiya ce?" Tambayar ta ba ta ƙofa biyu da za ta bi ba tare da kunya ta kashe ta ba. Ita kuma kada ta tsaya a "na gaji". Ta ce, "Baban Sadiku, ba kai nake gudu ba. Tun haihuwar nan zafi nake ji." Wannan jimla ɗaya tana rushe zargin wata biyar.

Daga nan sai a bi amsar. Idan bushewa ce, akwai man shafawa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kantin magani don wannan, ya fi cusa kayan mata da ba a san haɗinsu ba, waɗanda kan ƙara ƙuna da ƙaiƙayi. Idan zafin bai tafi ba, ko akwai jini ko wari, sai a ga ungozoma a asibiti. Idan gajiya ce, ya karɓi yaron ta samu barcin rana. Su kuma yarda cewa za a iya kwanciya kusa da juna, a yi hira, ba lallai a kai ga saduwa ba. Macen da ta san kowace taɓawa sai ta kai can, har hannun ma za ta riƙa gudu.

Maganar tana da iyaka. Idan tushen abin duka ne, ko wulaƙanci, ko auren da aka yi ba so, babu mai ko tsimi da zai gyara. Wannan sai manya da malamai sun shiga. Haka kuma ba lallai buƙatar mutum biyu ta zo daidai ba, ko bayan an yaye yaro. Hannu ma yatsunsa ba tsawo ɗaya ba ne. Abin da ake nema shi ne wanda aka ce wa "ba yau ba" ya kwana da sanin ana sonsa, wanda ya faɗa kuma ya kwana ba tsoro. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya.