Saƙon So Zuwa Ga Aminiya: Me Ake Karewa?

A littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun wajejen 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, yawanci so da gani ɗaya yake kama mutum. An haɗu a hanya ko a gidan biki, zuciya ta buga, sai wasiƙa ta biyo baya. Wanda marubutanmu ba su cika waiwaya ba shi ne mutumin da so ya shige shi a hankali, bayan ya yi shekaru yana amintaka da yarinya, ya san sirrinta, ta san nasa. Shi wannan yana da abin da zai rasa idan ya yi magana. Shi ya sa za ka ga ya riƙe waya har dare ya raba, ya rubuta ya goge, yana cewa da kansa ba ya son ya ɓata abota.

Tambayar da nake son mu duba, mai karatu, ita ce: shin shirun nan da kewaye-kewayen nan abotar suke karewa, ko kuwa shi mai rubutun?

Mu ɗauki misali, ba don ya faru ga wani takamaimai ba. A ce malamai biyu ne a wata sakandare a ƙasar Bagwai, shi yana koyar da Hausa, ita tana koyar da lissafi, dukansu kuma suna taɓa rubutu. Shekara uku suna musayar labarai, ta gyara masa, ya gyara mata. Suna gaisawa a WhatsApp sau biyu ko uku a mako, kan jarrabawa ko kan wani babi da ya ƙi ƙarewa. Wata rana ta gaya masa, don ta yarda da shi, cewa mahaifinta ya ba ta zuwa bayan Babbar Salla ta fito da miji, kuma akwai wani ɗan kasuwa da yake zuwa amma hankalinta bai kwanta da shi ba. Shi kuwa malam ya riga ya wata shida da gane cewa sonta yake yi.

A cikin wata shidan nan saƙonninsa sun sauya. Daga uku a mako sun koma goma a rana. Da asuba ya tambaye ta yadda ta kwana, da dare ya tura mata hoton faɗuwar rana a bakin Dam ɗin Watari. Idan ta ambaci ɗan kasuwan nan, sai ya ba ta shawara, kuma ko da yaushe shawarar ita ce ta yi hattara da shi. To, a nan ne maganar ɗa'a ta shigo. Ita tana tsammanin da amini take shawara, alhali da ɗan takara take magana. Ko da abin da ya faɗa game da ɗan kasuwan gaskiya ne, ya zama alƙali a shari'ar da yake da rabo a cikinta, kuma ya ɓoye mata hakan. A ganina wannan ya fi furta so hatsari ga abota nesa ba kusa ba, domin ranar da ta gane, ba saƙo ɗaya za ta tuhuma ba. Za ta koma baya ta karanta na wata shida duka da sabon ido. Wasiƙar da mai ƙarewa ce, ana iya yaga ta ko a jefa a murhu, amma waya tana ajiye komai da rana da sa'a.

Wani zai ce ai hannunka-mai-sanda ba laifi ba ne, har ma tarbiyyarmu ta kunya ita ta fi so. Haka ne. Malaman fiƙihu sun raba neman aure gida biyu, tasrihi, wato fitowa fili, da ta'aridi, wato nuni a kaikaice, kuma aya ta 235 a Suratul Baƙara ta halatta nuni ga matar da take takaba. Amma mu lura da dalilin. An buɗe ƙofar nuni ne a inda aka rufe ta fitowa fili, kuma takaba tana da iyaka, wata huɗu da kwana goma. Malaminmu babu abin da ya hana shi fitowa fili sai tsoro, nuninsa kuma ba shi da ranar ƙarewa. Nuni ɗaya ko biyu don a gwada zurfin ruwa, wannan hikima ce. Nunin da ya ɗauki wata shida kuwa dabara ce ta barin wa kai ƙofar gudu: idan ta amsa ya ce da ma haka nake nufi, idan ta ɗaure fuska ya ce wasa nake yi, Malama. Ya ɗora mata nauyin fassara, shi kuma ya tsira da girmansa.

Magabata sun san wannan matsala, shi ya sa suka yi ɗan aike. Masu tarihi sun ruwaito cewa Nana Khadija, bayan ta san amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar kasuwanci, ƙawarta Nafisa bint Munya ta aika, ita kuma ta fara da tambayar abin da ya hana shi aure kafin ta ambaci suna. Amfanin ɗan aike shi ne ana iya cewa a'a ba tare da an haɗa ido ba. A karkararmu ma haka ake yi, a tura ƙawa ko gwaggo. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 ɗan aike ya fara rasa aiki, sai dai wayar ba ta gaji hikimarsa ba. Ba ta san lokacin da za ta yi shiru ba. Tun 2014 WhatsApp yake nuna wa mai aikawa alama shuɗiya idan an buɗe saƙonsa, don haka shirun minti goma ma ya zama magana. Gogewa kuma, wadda aka kawo a 2017, ba ta share sawu, tana barin "This message was deleted" a wurin, wanda ya fi saƙon kansa tayar da hankali.

Idan har zai rubuta, ni dai ga irin abin da nake ganin ya dace:

"Assalamu alaikum, Malama. Akwai maganar da na ga bai kamata in ci gaba da ɓoye miki ba. Ina sonki da aure, kuma idan kin amince zan turo manya. Ba sai kin ba ni amsa yau ba. Idan kin ga bai yiwu ba, ki ce da ni mu bar shi haka, ba zan nemi dalili ba, ba zan sake tayar da maganar ba, kuma babu wanda zai ji daga bakina."

Saƙon gajere ne, kuma da gangan. Dogon saƙo mai lissafa kwanakin da ba a yi barci ba bashi ne ake ɗora wa mutum, yana sa ta ji ƙin amincewa zalunci ne. Mu marubuta mun fi kowa faɗawa wannan rami, domin muna ganin dama ce ta nuna gwaninta. Ya ambaci aure da manya don ta san abin da ake tambayarta, tun da kalmar so ita kaɗai tana iya nufin komai. Ya kuma ba ta kalmomin da za ta ƙi da su, domin abin da ya fi yi wa mai kunya wuya shi ne neman yadda za ta ce a'a ga wanda take girmamawa. Sannan a duba abin da babu a ciki. Babu zancen wa'adin mahaifinta, babu zancen ɗan kasuwa. Waɗannan amana ce da ta ba amini, bai halatta masoyi ya mayar da su tsani ba. Idan kuwa har iyaye sun riga sun karɓi maganar ɗan kasuwan, to saƙon ma bai taso ba, domin an hana nema a kan neman ɗan'uwa.

Akwai kuma abin da mutanen birni kan manta. A garuruwa irin su Gadanya ko Rimin Dako waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana yini a shagon mai caji, ƙane yana kallon fim da ita, uwa tana ara ta kira 'yan'uwa. Saƙon murya ya fi muni, domin a tsakar gida za a kunna shi. Saboda haka kada a rubuta abin da zai kunyata ta idan yayanta ya karanta, kuma a aika da rana, ranar da ba za su haɗu a ofishin malamai nan da sa'a guda ba. Yammacin Juma'a ya fi safiyar Litinin.

Bayan an aika sai haƙuri. Kada a bi shi da "kin gani kuwa?" Amsa kuma ba lallai ta zo da kalmar a'a ba. Idan ta ce, "Haba Malam, ai kai yayana ne," ta amsa, katanga ta gina cikin ladabi. Idan ta yi kwana uku sannan ta turo tambaya kan jadawalin jarrabawa kamar ba a yi komai ba, wannan ma amsa ce, kuma tayi ne na a koma yadda ake. Mai hankali sai ya karɓa. Wanda ya ce sai ta fito fili ta faɗa, ya karya alkawarin da ya ɗauka a saƙonsa.

Saura magana mai ɗaci. Muna cewa za a kare abota, amma wace abota? A wurinmu amintakar namiji da mace da ma mai wa'adi ce. Ko malam ya yi magana ko bai yi ba, ranar da aka ɗaura mata aure da wani saƙonnin nan za su tsaya, ko kuma ya kamata su tsaya. Ke nan wanda ya yi shiru don ya tsare hirar dare, abin da zai kuɓuce masa ko ta yaya yake gadi. Abin da za a iya tsarewa ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi shi daɗewa: a gari irin Bagwai, inda za a ci gaba da haɗuwa a wurin suna da ta'aziyya har tsufa, ta iya gaishe shi a gaban mijinta ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Wannan kuwa ya dogara ne ga makonnin da suka biyo bayan a'a, fiye da saƙon kansa. Idan ya ɗauke wuta gaba ɗaya, ya nuna mata shekara ukun nan jari ne ya zuba, da bai ci riba ba ya kwashe kayansa. Idan ya ci gaba da goma a rana, ya nuna bai ji ba. Abin da ya rage masa shi ne ya koma ma'aunin da, biyu ko uku a mako, kan aiki da rubutu. Babin da ta ba shi tun kafin maganar ta taso ya gyara shi da jan biro kamar yadda ya saba, kada ya sassauta don neman shiri, kada ya tsananta don huce haushi, ya miƙa mata ranar Litinin a ofishin malamai, a gaban kowa.