Awon Rabon Gado: Kada Na Ƙarshe Ya Ɗauki Asarar Kowa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ga tambaya: idan rabon da Allah Ya yanka wa magada a Suratun Nisa'i ya haɗu ya zarce dukiyar mamaci, wa zai ɗauki ragin?

Mu ƙaddara wani manomi a Junju ya rasu, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. An yi wa gonarsa da shanunsa kima, an fitar da kuɗin likkafani da bashi da wasiyya, saura sefa 2,700,000. Asalin mas'alar 24 ne. Matar tana da sumuni, wato 3. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, wato 16. Uba da uwa kowanne yana da sudusi, wato 4 da 4. Idan aka tara, 27 za a samu.

Mai rabon da bai tara ba zai kasa kuɗin gida 24, kowane kashi ya zama 112,500. Ya ba matar 337,500, 'ya'yan 1,800,000, uban 450,000. Sa'ad da aka zo kan uwar, 112,500 kaɗai ya rage. Laifinta ɗaya, ita aka kira a ƙarshe. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi nufinsa ba, kuma sau da yawa mai kunyar yin magana shi yake faɗa wa.

Maganinsa shi ne awlu, wanda aka fara hukunci da shi a zamanin Sayyidina Umar. Sai a kasa dukiyar gida 27, kowane kashi ya zama 100,000. Matar ta sami 300,000, kowace 'ya 800,000, uba 400,000, uwa 400,000. A sake tarawa: 2,700,000 daidai, ba ragi ba ƙari. Malamai suna kiran wannan mas'ala Mimbariyya. Abdullahi ɗan Abbas ya saɓa, yana ganin a ɗora ragin a kan 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata, amma mazhabobi huɗu sun tafi a kan awlu. Hujjarsu ita ce kowane rabo da nassi ya tabbata, ba a fifita wani a kan wani sai da dalili. Magada a nan kamar masu bin bashi ne da dukiya ta kasa, kowa ya ɗauki ragi gwargwadon haƙƙinsa.

Ga alamar gane kuskure. Asali uku ne kawai suke yin awlu: 6 yana hawa zuwa 7, 8, 9 ko 10, 12 zuwa 13, 15 ko 17, 24 kuwa zuwa 27 kaɗai. Wanda lissafinsa ya ba shi 26 ko 28 daga 24, to ya koma ya duba magadan da rabonsu.

Saboda haka kada mai rabo ya miƙa wa kowa ko dala sai ya tara sau biyu a gaban shaidu: ya tara kashi-kashi kafin rabo, ya tara kuɗi bayan lissafi.

Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙin magada. Allah ne Mafi sani.