Asid Bai San Simintin da Kake So Ba

Idan mai sa tayil ya gama aiki ya kwashe kayansa, yakan bar wani farin hazo a kan daɓen, da ɗigon siminti da fenti nan da can. Ruwa da omo ba sa fitar da su. Sai a aiko yaro da galan ɗin asid, a tuttula, daɓe ya hau kumfa, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Bayan 'yan makonni sai ka ga layin da ke tsakanin tayil ya zurma, yana zubar da gari idan aka yi shara.

Abin lura a nan shi ne, asid ɗin wanke tayil siminti yake ci, kuma duk inda ya same shi zai ci. Bai bambanta wanda ya ɓata fuskar tayil da wanda aka cike tsakani da shi don ya riƙe. Saboda haka a bar cikon ya yi kamar kwana 10 ya ƙeƙashe, sannan kafin asid ya taɓa ƙasa a jiƙa daɓen sharkaf da ruwa zalla. Cikon da ya riga ya ƙoshi da ruwa ba zai zuƙi asid ɗin can ciki ba. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ba ni takaici, don ruwa kawai yake ci.

A ce falo ne. A zuba ruwa kofi 10 a bokitin roba, sannan a tsiyaya asid kofi 1 a hankali. Ruwan ake fara zubawa. Idan aka zuba ruwa a kan asid, yana iya yin zafi ya fantsamo fuska. A buɗe tagogi, a sa safar roba da takalmin roba da tabarau. A gwada a lungun da kujera za ta rufe. Idan simintin ne kawai ke kumfa, to. Idan jikin daɓen kansa ne ke tsuwa, kamar mabul ko tarazo, a dakata nan take, domin ƙyallin da ya ci ba ya dawowa da wanki. Sai a riƙa ɗaukar tayil huɗu ko shida, a shafa, a ba shi minti 2 zuwa 3, a goge da burushin roba, a ɗauraye kafin ya bushe. A ƙarshe a bi da ruwan kanwa ko bakin soda don kashe sauran asid ɗin, a sake ɗaurayewa.

Fenti kuwa ba aikin asid ba ne, ko an ƙara masa ƙarfi. Na ruwa yana ɓanɓaruwa da ruwan ɗumi da makankari, na mai sai tina ko kananzir a tsumma.

Tururin asid yana sa mariƙin ƙofa da famfo tsatsa, don haka a naɗe su da leda. Kuma don Allah kada a haɗa shi da bilic: iskar kulorin da ke tasowa tana ƙona huhu. Wanda ya fantsamar masa a ido ya wanke da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti.