Dala Ashirin a Kaele: Ma'anar Kalma Tana Cikin Maƙwabtanta?

Akwai wani ra'ayi tsakanin masana harshe wanda ya fi na'urorin yau tsufa. Zellig Harris a 1954 da J. R. Firth a 1957 sun tafi a kan cewa idan kana son sanin kalma, ka dubi kalmomin da take yawo da su. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 2013 Tomas Mikolov da abokan aikinsa a kamfanin Google suka fitar da word2vec, wanda ya mai da ra'ayin nan lissafi. Tambayata ita ce: abin da lissafin ya kama, shi ne ma'ana, ko sawunta ne kawai?

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Mu ƙaddara mun tara rubutu, muna ƙirga sau nawa kalma ta zauna kusa da "buhu", sau nawa kusa da "sha". A ce gero ya zo da buhu sau 9, da sha sau 1. Dawa sau 8 da sau 2. Shayi kuwa sau 1 da sau 9. Yanzu kowace kalma ta zama lambobi biyu, wato ɗigo a kan takarda. Idan aka ja kibiya daga kusurwar takardar zuwa kowane ɗigo, kiban gero da dawa kusan a manne suke, ta shayi ta nufi wani gefen. Ma'aunin da ake amfani da shi yana ba da 1 idan kibau biyu sun fuskanci wuri ɗaya sak: gero da dawa za su sami 0.99, gero da shayi 0.22. Na'ura ba ta taɓa ganin zangarniya ba, amma ta gano cewa gero da dawa dangi ne. A word2vec ba a ƙirga kai tsaye, ana horar da na'ura ne ta riƙa cankar maƙwabtan kalma, kuma lambobin sukan kai 300 maimakon biyu. Tushen dai ɗaya ne.

Ban raina wannan ba. Taswirar da ke fitowa tana tara sunayen garuruwa a gefe guda, hatsi a gefe guda, har takan kama dangantaka: a Turanci, idan aka ɗauki lambobin "sarki", aka cire na "namiji", aka ƙara na "mace", akan faɗa kusa da "sarauniya". Wanda ya ce babu komai na ma'ana a nan bai yi adalci ba.

To amma mu kai ta kasuwar Kaele, hedikwatar Mayo-Kani a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, inda Bamundange da Batufuri da Bafulatani da Bahaushe ke ciniki, galibi da Fulatanci, gwamnati kuma tana rubutu da Faransanci. Bahaushen ƙasashen sefa ba ya ƙirga kuɗi da faran ɗaya-ɗaya. Biyar-biyar yake ƙirgawa, kowace biyar sunanta dala. In ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. In ya ce jaka, dala ɗari biyu ke nan, sefa 1,000. Ɗan'uwansa na Kano, in ya ce jaka, naira 200 yake nufi, in ma ba jakar zuba kaya ba ce.

Ina na'ura za ta ajiye "dala"? Yawancin Hausar da ke rubuce a intanet labarai ne daga Nijeriya da gidajen rediyon ƙetare, inda dala ke zama kusa da "Amurka" da "biliyan" da "canji". Wani lokaci kuma tana kusa da "dutse" da "Kano", saboda Dutsen Dala. Tunda word2vec ɗigo ɗaya tak yake ba kowace kalma, sai ya gauraya su, mai yawa ya rinjayi maras yawa. Dalar mai sayar da albasa kuwa da ƙyar za ta bar alama, domin cinikin baka ne, ba a buga shi a jarida. Ana iya gane wannan ciwo cikin sauƙi: a nemi kalmomi goma mafi kusa da "dala". Idan aka ga yuro da fam da naira, ba a ga sefa ba, an san Hausar wa aka auna.

Mai kare na'ura zai ce wannan ƙarancin rubutu ne kawai, kuma sababbin tsare-tsare irin su BERT na 2018 suna ba kalma lambobi dabam a kowace jimla, don haka za su iya raba dalar Amurka da ta sefa. Na yarda da shi zuwa nan. A ba na'ura isasshiyar Hausar Garwa da Marwa da Maraɗi, za ta koyi cewa dala iri-iri ce.

Inda na rabu da shi shi ne kan "albarka". A rubutu, maƙwabtanta su ne alheri da rahama da addu'a. A bakin mai kaya kuwa, idan ka taya ya ce "albarka", ya ƙi tayinka ne, cikin ladabi. Ka ƙara, ya ce "na sallama". Daga wannan lokaci kayan sun zama naka, kuɗin sun hau kanka, kuma idan ɗayanku ya juya baya, mutanen da ke tsaye za su ce bai kyauta ba, dillali ma zai ba da shaida. Na'ura na iya koyon cewa "na sallama" takan biyo bayan tayi na biyu ko na uku. Wannan bayani ne kan abin da aka saba faɗa. Amma abin da ya sa kalmar ta yi nauyi shi ne wanda ya furta ta ya ɗaure kansa, ana iya kama shi da ita. Lissafin yawan faruwa ba ya bambanta abin da mutane suka saba yi da abin da ya wajaba a kansu, kuma ba za a yi bayanin alkawari ko rantsuwa ko saki ba tare da wannan bambanci ba. Wittgenstein ma, da ya danganta ma'ana da amfani a littafinsa da ya fito a 1953, amfani cikin rayuwar mutane yake nufi, ba jerin kalmomi a shafi kaɗai ba.

Akwai wata ƙaramar shaida da nake jin daɗinta. A irin wannan taswira kalmomi masu kishiyantar juna sukan faɗo kusa da juna, domin duk inda za a ce "arha" za a iya cewa "tsada": goro ya yi arha, goro ya yi tsada. Ga na'ura su biyun 'yan gida ɗaya ne, kuma ta wata fuska ta yi gaskiya, duka maganar farashi ce. Sai dai abin da ke raba su ba ya cikin jimlar. Yana ga manomin audugar da ke lissafin abin da Sodekoton ta biya shi a bana, yana duba ko dala ɗari ɗin da aka yanka masa za ta bar masa kuɗin gishiri.