Yaushe Ne Garu Ya Faɗi? A Kan Rabuwar Ikilisiyar Gabas Da Ta Yamma

Duk wanda ya taɓa zama a cikin birnin Bauchi ya san yadda garun ƙasa yake faɗuwa. A tsakiyar damina, da dare, sai a ji rugum, da safe maƙwabta su ce ruwan jiya ne ya kā da shi. Amma magini ya san ba haka ba ne. Shekara uku ba a yi yaɓe ba, indararo ya karye ba a gyara ba, gara ta ci gindi, tsaga tana ta buɗewa kowa yana gani yana wucewa. To, yaushe ne garun ya faɗi? Wannan tambaya ce za mu ɗauka mu kai ga wani al'amari na tarihin Ikilisiya, gama a cikin littattafai da yawa an rubuta cewa Kiristocin Gabas da na Yamma sun rabu a shekara ta 1054, kamar dai ranar Juma'a suna ɗaya, ranar Lahadi sun zama biyu.

Maganar ta shafe mu. Ikilisiyoyin da muke gani a Bauchi, ko Katolika, ko Angilikan, ko waɗanda suka fito daga aikin mishan na S.I.M. da S.U.M., dukansu zuriyar Yamma ne, wato ɓangaren Roma mai addu'a da Latinanci. 'Yan'uwanmu na ƙasar Girka da Rasha da Sabiya zuriyar Gabas ne, ɓangaren Kustantiniya, birnin da ake ce da shi Santambul yanzu, mai addu'a da Helenanci. Kada a haɗa wannan da rabuwar Kibɗawan Masar da Habashawa, wadda ta biyo bayan taron Kalsidon na 451. Wannan wani labari ne dabam.

Bari mu fara da abin da ya faru a 1054 ɗin. Normawa suna cin ƙasa a kudancin Italiya, inda akwai ikilisiyoyi masu bin al'adar Gabas, ana kuwa matsa musu su bi ta Roma. Mika'ilu Kerulariyus, babban bishop na Kustantiniya, ya rama a kan majami'un Latinawa da suke birninsa. Gardamar da ta fi zafi a lokacin ita ce ta gurasar Jibin Ubangiji: Yamma marar yisti, Gabas mai yisti. Paparoma Leo na Tara ya aiki jakadu uku, shugabansu Kadinal Humbert, mutum mai ilimi amma marar haƙuri. Kerulariyus ma ba kanwar lasa ba ne, ya ƙi kula su. Ran 16 ga Yuli, Humbert ya shiga babbar majami'ar Hajiya Sofiya, ya ajiye takardar yankewa daga zumunta a kan bagadi, ya fita ya karkaɗe ƙurar ƙafafunsa. Bayan 'yan kwanaki majalisar Kustantiniya ta mai da martani, ta yanke jakadun.

Amma mu duba takardun da kyau. Ta Humbert ta kama sunan Kerulariyus da magoya bayansa ne kaɗai, har ma ta yabi sarki da mutanen birnin cewa Kiristoci ne na ƙwarai. Ta majalisar kuma jakadun ta kama, ba ta taɓa Paparoma ba, balle jama'ar Yamma. Ga kuma wani abin mamaki: Leo ya rasu tun watan Afrilu, wata uku ke nan, saboda haka ana shakka ko jakadun suna da sauran iko, tun da wanda ya aiko su ba ya da rai. Galibin marubutan tarihi na birnin a wancan zamani ba su ma ga abin ya isa a rubuta ba. Masu ziyara daga Yamma suka ci gaba da sujada a majami'un Gabas. A ganin mutanen lokacin, faɗa ne na manya biyu masu taurin kai, irin wanda aka saba gani ya wuce, kamar yadda na zamanin Fotiyus da Paparoma Nikolas ya tashi a 863, aka shirya a 879 da 880.

Akwai wata al'ada da za ta nuna mana tsagar fiye da takardar Humbert. Manyan kujerun Ikilisiya biyar ne a dā: Roma, Kustantiniya, Iskandariya, Antakiya, da Urushalima. Kowane babban bishop yana da allo mai ɗauke da sunayen sauran, ana karanta su a addu'a lokacin Jibi. In sabo ya hau kujera, sai ya aika wa 'yan'uwansa wasiƙar shaidar bangaskiyarsa, su kuwa su sa sunansa a allo. Muddin ana karanta sunanka, kai ɗan gida ne. To, sunan Paparoma ya ɓace daga allon Kustantiniya tun wajen 1009, shekara arba'in da biyar kafin Humbert ya taka birnin. Ba a yi shela ba, ba a yi taro ba. A 1089 Paparoma Urban na Biyu ya tambayi dalili, Sarki Aleksiyus ya sa majalisa ta bincika ma'ajiyar takardu, ba su sami wata takarda da ta raba ikilisiyoyin biyu bisa ƙa'ida ba. Suka ce Paparoma ya aiko da wasiƙar bangaskiya a mai da sunansa. Maganar ba ta kammalu ba. A lura fa, shekara talatin da biyar ke nan bayan 1054, amma masu binciken ba su ɗauki abin da ya faru a shekaran nan a kan rabuwa ba.

Me ya sa suna ya iya faɗuwa daga allo ba wanda ya tashi tsaye? Domin sun daɗe ba su jin maganar juna. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tun da Sarki Kustantin ya kafa sabon birninsa a 330, gidan ya zama mai ƙofa biyu. Mulkin Roma ya rushe a Yamma a 476, hanyoyi suka yi wuya, masu jin harsuna biyu suka ragu. Girigori Babba ya zauna wajen shekara shida a Kustantiniya kafin ya zama Paparoma, bai koyi Helenanci ba. Da Paparoma ya naɗa Shalman sarkin Romawa a 800, mutanen Gabas suka ga cin fuska ne, gama a wurinsu sarkin Romawa ɗaya ne, yana kuwa zaune a birninsu. Mu da aikinmu juya magana ne daga harshe zuwa harshe mun san abin da yake faruwa in mutum biyu ba su sadu sai ta bakin tafinta: kowane kuskuren fassara yakan koma zargi.

Kada dai mu ce duka rashin fahimta ne. Akwai matsala biyu na gaske, kuma a ɗaure suke da juna. Shaidar Bangaskiya da aka tsayar a Nikiya a 325, aka cika ta a Kustantiniya a 381, ta ce Ruhu Mai Tsarki daga wurin Uba yake fitowa, bisa ga Yohanna 15:26. A ƙasar Sifen, wajen 589, aka fara ƙara kalma guda ta Latinanci, Filioque, ma'anarta "da Ɗan kuma". Nufinsu kirki ne, suna so su toshe bakin masu cewa Ɗan bai kai Uban ba. Kalmar ta bazu a ƙasar Shalman. Paparoma Leo na Uku ya yarda da koyarwar, amma ya ƙi a taɓa Shaidar, har ya sa aka zana ta a kan faranti biyu na azurfa ba tare da ƙarin ba. Sai a 1014 aka fara rera ta da ƙarin a Roma. Kafin zuwan Humbert mutanen Yamma sun saba da ita ƙwarai, har ya zargi Helenawa a cikin takardarsa da cewa su ne suka cire ta! Mutanen Gabas suka ce kalmar tana rikita matsayin Uba, wanda shi kaɗai ne tushe a cikin Allahntaka. Suka kuma yi tambayar da ta fi wuya: wa ya ba ɗaki ɗaya iko ya sāke abin da dukan gida ya zauna ya tsayar? Nan ne matsala ta biyu ta fito. Gabas sun yarda bishop na Roma shi ne yaya, shi yake fara zama, shi yake fara magana. Roma kuwa, musamman a zamanin gyare-gyaren ƙarni na goma sha ɗaya, ta ce ita ce mai yanke hukunci a kan kowa. A ganinmu, kan wannan kalma mu na Yamma muna da abin amsawa, ko da koyarwar tana da hujja; yawancinmu da ƙarin muka gāji Shaidar, ba mu kuwa san ƙari ba ne.

Bitrus, babban bishop na Antakiya, ya rubuta wa Kerulariyus a lokacin rikicin, ya rarrabe masa laifofin da ya jero. Aske gemu da sa zobe da irin abincin da ake ci, ya ce a ƙyale su. Ƙarin da aka yi wa Shaidar ne ya ɗauka da nauyi. Duk da haka ya kira Latinawa 'yan'uwa, ya roƙa a yi musu sassauci. Muddin akwai masu magana irin tasa, garun yana tsaye, ko da tsaga.

Abin da ya kā da shi a zukatan talakawa jini ne. Mayaƙan Yamma da suka tafi ƙwato Urushalima sun ci Antakiya a 1098, ba da daɗewa ba aka naɗa babban bishop Balatine, alhali na Helenawa yana da rai. Kujera ɗaya, mutum biyu: yanzu kam ɗan ƙauye ma yana ganin rabuwar da idonsa, dole ya zaɓi bagadin da zai je. A 1182 mutanen Kustantiniya suka karkashe Latinawan da suke zaune a birnin. A watan Afrilu na 1204 rundunar Yamma, masu alamar gicciye a tufafinsu, suka fāɗa wa Kustantiniya, suka kwana uku suna ganima, suka ƙazantar da Hajiya Sofiya, suka ɗora Balatine a kujerar babban bishop, suka riƙe birnin har 1261. Paparoma Innosent na Uku kansa ya la'anci ɓarnar. Daga nan gardamar malamai ta zama gāba ta jama'a.

Shaidar wannan ita ce, sau biyu manya suka sa hannu a takardar sulhu, a Liyon a 1274 da Fulorens a 1439, sau biyu kuma jama'ar Gabas da sufayensu suka ƙi. Turkawa suka ci birnin a 1453, majalisar Kustantiniya ta soke sulhun Fulorens a 1484. Ko bayan haka, a tsibiran Girka da ƙasar Sham an ci gaba da samun wuraren da ɓangarorin biyu suke shiga majami'un juna har cikin ƙarni na goma sha bakwai, kujerar Antakiya kuwa ba ta tsage gida biyu sosai ba sai a 1724. Shi ya sa masana tarihi suke ƙin nuna rana guda. In ka ce 1009, ba wanda ya lura a lokacin. In ka ce 1054, mutum kaɗan ne aka yanke. In ka ce 1204, an daɗe da daina ambaton juna a addu'a.

A nan tambayar ta koma ta lamiri. In da rana guda ce, da mun ɗora laifin a kan Humbert da Kerulariyus mun huta. Amma in shekara ɗari bakwai ko fiye aka yi ana tsagewa, to, akwai rabon magatakardan da bai aika wasiƙa ba, da malamin da bai koyi harshen ɗan'uwansa ba, da mai karanta allo wanda ya tsallake suna bai tambayi dalili ba. Ba ɗayansu da ya yi niyyar raba jikin Almasihu, ba kuwa ɗayansu da zai amsa laifin in an tuhume shi. A karanta 1 Korintiyawa 1:10-13 da Yohanna 17:20-23 da wannan a zuciya.

Ran 7 ga Disamba 1965, Paparoma Bulus na Shida da Atinagoras, babban bishop na Kustantiniya, suka kawar da hukuncin nan biyu na 1054, aka karanta sanarwar a Roma da Santambul a rana ɗaya. Takardar Humbert ta mutu ke nan. Amma har yanzu ɓangarorin biyu ba su koma cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya ba.